Fenti Da Kanta A Gidan Haya: Yadda Ake Rubuta Wa Mai Gida Takardar Neman Izini

A Karaye da Rogo, yawancin masu zaman haya mutanen da aiki ya kawo ne: malamin makarantar da aka turo daga birni, ma'aikaciyar asibiti, ɗan sanda, ɗan hidimar ƙasar da ya fito daga sansanin Kusalla aka ba shi makaranta a gari, sai kuma angon da ɗakin gidansu bai ishe shi ba. Akasarin hayar nan da baki ake ƙulla ta. In an samu rasit, to an gode Allah. Ana zaune lafiya har ranar da ɗan haya ya ga bangon ɗakinsa ya yi dauɗa, uwargida kuma ta rasa inda za ta jera kwanuka. Sai ya tari mai gidan a ƙofar masallaci, ya ce yana so ya ɗan gyara ɗaki, shi kuma ya ce, "Ba komai, Malam, gidanka ne."

Wannan "ba komai" ita ce ke zama rigima ranar tashi. Ɗan haya yana ganin za a cire masa kuɗin fenti daga haya, mai gida yana ganin kyauta aka yi masa. Ɗan haya ya kira kafinta ya cire kantarsa, mai gida ya ce abin da aka kafa a bangonsa nasa ne. Kowa yana da gaskiya a zuciyarsa, domin ba a taɓa zama an yanke maganar ba. Takarda mai shafi ɗaya tana kashe wannan tun kafin a buɗe bokitin fenti, in har ta amsa tambayoyi uku: me za a yi, wa zai biya, kuma na wa ne ranar da aka tashi.

1. Fara da ƙafa, takarda ta biyo baya.

Kada takarda ta zama farkon jin mai gida. Dattijon da aka miƙa wa ambulan ba tare da an gaishe shi ba zai ɗauka ƙara ake shirin kai shi. Ka je har zaurensa, ku gaisa, ka faɗa masa buƙatarka, sannan ka ce, "Baba, zan rubuto a takarda saboda halin rayuwa." Wannan kalma ba ta ɓata wa kowa rai, don kowa ya san ana mantuwa, ana kuma mutuwa. In ya nuna kamar ba ka yarda da shi ba ne, tuna masa a hankali cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuɗin fentin da za a cire daga hayar baɗi kuwa bashi ne.

Ka kuma tabbatar da wanda kake magana da shi. Dillalin da ya nuna maka gida ba shi da ikon ba ka izinin huda bango, sai in mai gidan ya wakilta shi a kan haka. In gidan gado ne da ba a raba ba, nemi wanda magada suka ɗora a kan karɓar haya, ka rubuta a takardar cewa da sunan magada ya sa hannu.

2. Duba bangon kafin ka rubuta komai.

Yawancin takardun da ake rubutawa suna cewa "ina neman izinin yin fenti", alhali bangon ba fenti yake buƙata ba tukuna. Shafa tafin hannunka a jikinsa. In ya fito fari fat, tsohon shafen farar ƙasa ne ko fenti mai arha da ya koma gari, kuma duk abin da ka ɗora a kai zai ɓare tare da shi. Dole a kankare, a goge, kafin a shafa sabo. In bangon yana sheƙi, fentin mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama shi sai an goge shi da takardar yashi har sheƙin ya mutu. A nan a fitar da yara daga ɗakin, mai aikin ya rufe hancinsa, a jiƙa wurin kafin a goge, domin tsofaffin fentin mai sukan ƙunshi dalma, ƙurarta kuma guba ce ga ƙananan yara.

Sai ka sunkuya ka dubi gindin bangon. In daga ƙasa zuwa wajen gwiwa fentin ya kumbura, ko ka ga wani farin abu kamar gishiri yana fitowa, to danshi ne ke hawowa daga tushen ginin. In tabon daga sama yake, yana gangarowa daga silin, kwano ne ke yoyo ko indararo ya toshe. Duka biyun aikin mai gida ne, ba naka ba, kuma in ka rufe su da fenti, ruwan watan Agusta zai tona su. Abin da ya fi ciwo shi ne, daga ranar da ka yi fentin laifin ya dawo kanka: za a ce fentinka ne marar kyau. Saboda haka ka sa wannan a takarda da kalmomi ƙarara: "Akwai danshi a bangon gabas, tun kafin na fara aiki." Ka ɗauki hoto da waya, ka tura wa mai gidan ko ɗansa, ka kuma adana naka.

Ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa a wurare daban-daban. Inda ya yi ƙarar kwanko, filastar ta saki jikin ginin. Wannan wurin ba a kafa masa komai, sai an sare an sake yaɓe. Sabuwar filasta kuma tana son wajen mako uku zuwa huɗu ta bushe kafin fenti, in ba haka ba ta tofar da shi.

3. Faɗi irin fentin, da launinsa, da yawansa.

"Fenti" kalma ce mai faɗi. Rubuta ko na ruwa ne ko na mai, wane launi, a wane ɗaki, shafe nawa. Launi ba ƙaramin abu ba ne ga mai gida, domin shi yana tunanin wanda zai shigo bayanka. Fari, ruwan madara da ruwan toka mai haske ba sa wahalar da kowa. Shuɗi mai duhu ko ja kuwa sai an yi musu shafe uku ko fiye kafin su ɓace, kuma kuɗin daga aljihun wani zai fito. In amarya ta kafe a kan launi mai ƙarfi, ku rubuta cewa za ku mayar da shi mai haske in za ku tashi, ko a yi shi a bango ɗaya kawai. Fentin nan mai kaushi da ake watsawa a jikin bango, shawarata kada ɗan haya ya kusance shi a cikin ɗaki: yana riƙe ƙurar hunturu, cire shi kuma aiki ne ja.

Yawan fentin ana lissafa shi, ba a barin sa ga bakin mai fenti. Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 bisa 12, tsayinsa ƙafa 10. A mita, kowane bango kusan 3.6 ne a faɗi, 3 a tsayi, bango huɗu sun ba da murabba'in mita 43. Cire ƙofa da taga, saura kamar 39. Shafe biyu ya zama 78. Fentin ruwa mai matsakaicin kyau, lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 8, ke nan lita 10 ta ishi bangon, silin kuma ya ci kamar lita 3. Ashe babban bokiti mai lita 20 ya ishi ɗaki ɗaya har da ragi, ciki da falo kuma bokiti ɗaya da rabi. Bangon da aka kankare ya fi shan fenti, haka ma fenti mai arha ba ya rufewa da wuri, don haka a bar ɗan sarari. Amma wanda ya ce maka ɗaki ɗaya sai bokiti uku, ka tambaye shi ina sauran za su.

4. Kanta: ƙirga ramukan, ka kuma san ginin da kake ciki.

A nan ne mafi yawan masu gida suke ɗaure fuska, kuma ina ganin suna da hujja. Fenti a fatar bango yake tsayawa, kanta kuwa cikin naman ginin take shiga. Abin da zai kwantar wa mai gida hankali shi ne ya ga ka san adadin ramukan da za ka yi. Katako mai tsawon ƙafa 4 da faɗin inci 10 yana son ƙarfen tallafi uku, ɗaya a kowane gefe, ɗaya a tsakiya, in ba haka ba zai lanƙwashe da nauyin tukwane. Kowane ƙarfe rami biyu a bango. Kanta ɗaya rami 6 ke nan, uku kuma 18. Rubuta wannan lambar a takarda. Mutum ya fi saurin yarda da abin da aka ƙirga masa.

In ginin bulo ne, ka tuna bulon nan mai inci 6 ko 9 cikinsa kogo ne, naman gefensa bai fi inci ɗaya da ɗan wani abu ba. Ƙusar kankare da guduma sukan fasa shi, su bar rami kamar bakin kofi, ƙusar kuma ta riƙa girgiɗi. Abin da ya dace shi ne a huda da injin huda bango, a cusa robar nan da kafintoci ke kira fisha, sannan a ɗaure da ƙusa mai zare. Irin wannan ramin, ranar tashi ɗan siminti kaɗan ya toshe shi. Kada a huda a saman makunnin fitila ko soket, ko a ƙasansu a miƙe, domin ta nan ake binne bututun waya. A kashe wutar gidan kafin a fara, ko da an ɗauke ta, tunda ba a san lokacin da za a dawo da ita ba.

In kuwa ginin ƙasa ne da aka yi wa rigar siminti, kamar gidaje da dama a tsofaffin unguwannin Karaye da Rogo da garuruwa irin su Zarewa da Fulatan, to maganar ta canja. Za ka gane shi da kaurin bangon a bakin ƙofa ko taga, da kuma jar ƙasar da ke fitowa in an ɗan sosa inda filasta ta ɓalle. Filastar nan siririya ce, a bayanta kuma babu abin da zai riƙe ƙusa. Kantar za ta tsaya wata biyu ko uku, ranar da aka ɗora mata tukunyar ƙarfe ko buhun littattafai sai ta sauko da faifan filasta guda, wani lokaci a kan yaro. A irin wannan gida kada ma ka nemi izinin kanta ta bango. Sa kafinta ya yi maka mai ƙafafu, wadda nauyinta ke kan daɓe, a ɗaure samanta a wuri ɗaya ko biyu don kada ta kife in yaro ya hau. Ɗora ƙafafunta a kan gutsuren tayil ko bulo saboda gara da danshi. Wannan taka ce ba gardama, ka ɗauke ta duk inda aka yi maka canjin wurin aiki.

5. Kuɗi: zaɓi ɗaya cikin uku, ka rubuta shi da lamba.

Ko dai ka biya duka ka yafe, ko mai gida ya biya a cire daga haya, ko ku raba, misali shi ya sayi fenti, kai ka biya mai aiki. Babu wadda ta fi wata halacci, abin da ba ya kyau shi ne a bar ta a buɗe. In za a cire daga haya ne, sa iyaka: "kuɗin ba zai wuce kaza ba, kuma zan kawo rasit." A ce hayar shekara naira dubu 120 ce, aka amince a kan dubu 40 na fenti, to takarda ta ce baɗi dubu 80 za ka biya. In ka kashe dubu 55 saboda ka zaɓi fenti mai tsada, dubu 15 ɗin nan naka ne, kada ka je kana ƙorafi.

Akwai abin da 'yan haya suke jin nauyin faɗa, alhali shi ne ya fi cin su: ka gyara ɗaki da kuɗinka, ya yi kyau, shekara ta zagayo a ce haya ta ƙaru, ko a ce ɗan mai gida zai yi aure yana son ɗakin. Ba za ka iya hana mutum gidansa ba. Amma kana iya roƙon a rubuta cewa ba za a ƙara haya ba a shekara mai zuwa, kuma in aka buƙaci ɗakin kafin shekara ta cika daga ranar fentin, za a mayar maka da rabin abin da ka kashe. Wanda saura wata uku hayarsa ta ƙare, ya sabunta tukuna kafin ya sayi ko da buroshi.

6. Yanke maganar ranar tashi tun yau.

Fenti ba ya bin mai shi, wannan kowa ya sani. Kanta ce abin magana. A ƙa'idar kotunan zamani, abin da aka kafe a jikin gini yakan zama ɓangaren ginin, sai dai ana barin ɗan haya ya cire kayan amfanin gida da ya sa da kansa, muddin ya cire kafin hayarsa ta ƙare kuma bai yi wa ginin ɓarna ba. Malaman fiƙihun Malikiyya kuma, a kan abin da ɗan haya ya gina, sukan ba mai gida zaɓi idan wa'adi ya cika: ko ya ce a cire, ko ya riƙe ya biya ƙimar kayan a matsayin rusassu, wato ba kuɗin da aka kashe ba. Ta kowace hanya ka bi, ɗan haya ba ya samun cikakken kuɗinsa, kuma zuwa gaban alƙali a kan katako uku asara ce ga kowa. Layi biyu sun wadatar: kantar tawa ce, zan cire, in toshe ramuka, in shafa fenti a wurin. Ko kuma: zan bar ta a kan kuɗi kaza. Ajiye ragowar fentin a galan mai murfi saboda wannan ranar.

7. Ga yadda takardar za ta kasance.

Mu ɗauki malamin makarantar da ke haya a ciki da falo a Rogo, ginin bulo, zai ɗauko iyalinsa bayan kaka. Bayan ya sa adireshinsa da kwanan wata a sama, sai ya rubuta:

Zuwa ga Baba Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, na rubuto ne a kan maganar da muka yi a zaurenka, ta gyaran ciki da falon da nake haya a gidanka.

Ina neman izininka in yi wa ɗakunan biyu fentin ruwa, launin ruwan madara, shafe biyu, har da silin. Ba zan taɓa bangon waje ko ƙofofi ba. Ina kuma neman izinin kafa kanta uku ta katako a bangon yamma na falo, kowace tsawon ƙafa 4. Za a yi rami 18 da injin huda bango, ba da guduma ba, nesa da layin waya.

Ina sanar da kai cewa akwai tabon yoyo a kusurwar gabas ta uwar ɗaki tun kafin wannan aiki. Na tura wa ɗanka hotonsa. Ina roƙon a duba kwanon kafin a yi fentin.

Kamar yadda muka yi magana, ni zan sayi fenti in biya mai aiki, a cire daga hayar shekara mai zuwa, kuma ba zai wuce naira dubu 40 ba. Zan kawo rasit. Kuɗin kanta nawa ne, kuma kantar tawa ce. In zan tashi zan cire ta, in toshe ramukan da siminti, in shafa fenti iri ɗaya. Ina roƙon hayar ta tsaya yadda take a shekara mai zuwa.

Aikin zai ɗauki kwana uku, in Allah ya yarda, a makon farko na watan Nuwamba. In ka amince, ina roƙon ka sa hannu a ƙasa. Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Naka, ɗan hayarka.

A ƙarƙashin wannan sai a bar wurin suna da sa hannun ɗan haya, da na mai gida tare da kalmar "Na amince", da na shaidu biyu. Lura cewa babu inda malamin ya ce ɗakin ya lalace ko an yi sakaci da shi. Ya faɗi aibin da ke akwai a layi biyu, ya wuce. Takardar neman izini ba wurin amayar da tsohon ƙorafi ba ne, in kana da maganar rijiya ko ta banɗaki, ka ware mata wata ranar. In mai gidan mace ce, "Hajiya" ko "Inna" za ka sa, gwargwadon yadda kake kiran ta a baki.

8. Lokacin aiki da mutanen gida.

Nuwamba ta fi dacewa: ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A tsakiyar damina fenti ba ya bushewa da kyau, a tsakiyar hunturu kuma ƙura na manne wa ɗanyen fenti, sai a rufe tagogin da iska ke shigowa ta cikinsu. In gidan na mutane da yawa ne, maza baƙi za su riƙa ratsa tsakar gida inda matan aure suke, don haka ka sanar da mazajensu tun da kwana biyu, masu aiki kuma su yi sallama a duk shigowa. A wanke buroshi nesa da bakin rijiya.

9. Sa hannu, shaidu da kwafi biyu.

Rubuta kwafi biyu, ko ka kai a yi hoton takardar, kowa ya sa hannu a kan duka biyun, kowa ya riƙe ɗaya. In mai gidan ba ya karatun boko, a karanta masa da ƙarfi a gaban ɗansa ko wani da ya yarda da shi, ya sa hannu da ajami ko ya dangwala yatsa. Shaidu su zama mutanen da za a samu a garin bayan shekara biyu, kamar limamin unguwa ko maƙwabci mai gidan kansa, ba abokin aikinka da za a iya mayarwa Gwarzo ko Kiru gobe ba. In kuɗin da za a cire yana da yawa, ba laifi a sanar da mai unguwa, tunda wurinsa za a fara zuwa in an saɓa. Mai gidan da ke zaune a Kano ko Zariya, tura masa hoton takardar ta waya, ka roƙe shi ya amsa da saƙon murya yana ambaton adadin kuɗin da na kantar, sannan ya sa hannu in ya zo gida.

In ya ce a'a, ko ya amince da fenti ya hana kanta, ka tsaya inda ya tsayar da kai, ka yi mai ƙafafu. In kuma ya yi shiru, shirun nan ba izini ba ne. Ka koma ka gaishe shi, ka sake tuna masa, kuma kada ka ba mai fenti ko kafinta kuɗin kafin alƙalami sai takardar ta dawo hannunka da sa hannunsa.